Darcy-Weisbach ko Hazen-Williams? Tambayoyin masu shimfiɗa fayif a fadamun Kebbi

Duk shekara da an janye ruwan sama, masu noman rani suka fara gyaran injina daga Argungu zuwa Birnin Kebbi har Bunza, tambayoyin da nake samu kusan iri ɗaya ne. Wani ɗalibin injiniya ne da malaminsa ya ba shi aiki, wani mai haɗa famfo ne, wani kuma manomin shinkafa ne da ya sayi inji sabo amma ruwan da ke isa ƙarshen gona bai kai abin da aka yi masa alkawari ba. Na tattara su a nan, kuma zan bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe don kada lambobi su yi mana yawa.

Mene ne ma wannan asarar da ake ta lissafawa?

Ruwa in ya shiga fayif yana goga jikin fayif ɗin, yana kuma gogar junansa. Wannan gogayya tana cinye wani kaso na ƙarfin da inji ya ba shi. Da mita ake auna abin da aka rasa, mitar tsayin ruwa. In aka ce fayif ya ci mita 7, ana nufin injinka yana wahala daidai da a ce gonar ta ƙara tsawo da mita 7 sama da inda take, ko da kuwa a shimfiɗe fayif ɗin yake a ƙasa. Darcy-Weisbach da Hazen-Williams hanyoyi biyu ne na gano wannan mitar tun kafin ka sayi fayif.

To me ya raba su, tunda abu ɗaya suke nema?

Asalinsu ya raba su. Ta farko ita ce wannan:

```
hf = f × (L / D) × v² / (2g)
```

hf ita ce asarar da mita, L tsawon fayif ne, D faɗinsa na ciki, v gudun ruwa, g kuwa ƙarfin jan ƙasa, 9.81. Bajamushe Julius Weisbach ya rubuta ta a wannan siffa a 1845, sannan gwaje-gwajen da Bafaranshe Henry Darcy ya wallafa a 1857 suka nuna yadda kaushin cikin fayif ke shafar sakamako. Daga dokokin motsin ruwa ta fito, shi ya sa ba ruwanta da abin da ke cikin fayif: ruwa ne, gas ne, man gyaɗa ne, iska ce, duk tana ɗauka. Wahalarta ɗaya, wato f, lambar gogayya. Ba lamba ba ce da za ka haddace. Tana sauyawa da gudun ruwa, da faɗin fayif, da kaurin ruwan, da kaushin bango.

Ta biyu Amurkawa biyu ne suka haɗa ta a farkon ƙarni na 20, Allen Hazen da Gardner Williams. Su ba daga doka suka taso ba. Ma'aunai suka tara daga bututun ruwan sha na garuruwa, suka nemo fomular da ta fi dacewa da abin da suka gani:

```
hf = 10.67 × L × Q^1.852 / (C^1.852 × D^4.87)
```

Q yawan ruwa ne a daƙiƙa, C kuma lamba ɗaya tak da ke wakiltar santsin fayif. In C ta yi sama, fayif na da santsi. Sabon fayif ɗin roba ana ba shi 150, sabon ƙarfen zubi 130, wanda ya tsufa ya yi tsatsa 100 ko ƙasa da haka. A zamanin da ba kwamfuta ba kalkuleta wannan babban sauƙi ne, domin ka duba C a tebur ka wuce.

Sai dai dubi fomular da kyau. Babu inda aka sa zafin ruwa ko kaurinsa. An ɗinka ta ne kamar riga a jikin mutum ɗaya: ruwa tsabtatacce, mai matsakaicin sanyi, a fayif mai ɗan girma, yana gudu matsakaici. In naka ya yi kama da wannan, rigar za ta zauna. In ya kauce, ba za ta gaya maka ba, lamba kawai za ta ba ka kamar kullum.

Ka nuna mana da misali na gaske.

Mu ɗauki gonar shinkafa a fadamar Argungu. Inji yana bakin gulbi, fayif ɗin roba mai faɗin ciki milimita 75, wato abin da ake kira inci uku, tsawonsa mita 200, ana son lita 8 a daƙiƙa. Lita 8 a daƙiƙa na nufin duro mai lita 200 ya cika cikin daƙiƙa 25.

Da Hazen-Williams, Q ita ce kubik mita 0.008 a daƙiƙa, D mita 0.075, C 150. Ka zuba su, za ka samu mita 7.8. An gama.

Da Darcy-Weisbach sai an bi matakai. Farko gudun ruwa: ka raba Q da girman filin bakin fayif, wato π × D² / 4, za ka samu mita 1.81 a daƙiƙa. Na biyu lambar Reynolds, wadda ke gaya maka ko ruwan a natse yake tafiya ko a hargitse:

```
Re = v × D / ν
```

ν kaurin ruwa ne. Ruwa mai zafin digiri 30 kaurinsa kusan 0.0000008, don haka Re ta kai wajen 170,000. Duk abin da ya haura 4,000 tafiyar hargitsi ce, ruwa na juyawa yana cakuɗuwa. Na uku sai f. Asalin fomularta ta Colebrook ce ta 1939, wadda f ke ɓangarori biyu sai an yi ta maimaita lissafi, ko a karanta daga zanen Moody na 1944. Da kaushin roba na milimita 0.0015, f tana fitowa 0.0163. Ka mayar da ita cikin fomula ta farko, asarar ta zama mita 7.3.

Mita 7.8 da mita 7.3. Rabin mita ne tsakaninsu a fayif mai mita 200. Babu mai sayen inji da wannan bambanci zai sa ya sauya inji. A irin wannan aiki, inci uku ko huɗu, roba, ruwan gulbi ko na burtsatse, gudu tsakanin mita 1 zuwa 2 a daƙiƙa, ni kaina Hazen-Williams nake bugawa a waya in ina tsaye a gona.

Ashe ke nan duk wadda na ɗauka daidai ne?

A wannan misali, e. Amma ga abin da na fi so a ɗauka daga duk wannan rubutu: sau da yawa ba fomula ke kayar da mutane ba, lambobin da suka zuba mata ne, musamman D.

Dubi ƙarfin da ke kan D a Hazen-Williams, 4.87. A Darcy-Weisbach ma in ka warware ta kusan 5 ne. Ma'ana ɗan kuskure a faɗin fayif yana ninkuwa sosai. Abin da ake kira inci uku a kasuwa suna ne, ba ma'auni ba. Wani fayif ɗin lambar da aka buga a jikinsa faɗin waje ce, sai ka cire kaurin bango sau biyu kafin ka samu na ciki. In ka yi lissafi da 75 alhali cikin fayif ɗin 70 ne, asarar ba 7.8 ba ce, mita 11 ce. Milimita biyar kacal sun ƙara kashi 40 cikin 100, yayin da gardamar fomula gaba ɗaya ba ta kai kashi 10 ba.

Na koyi wannan da kuɗin wani bawan Allah. Na yi masa lissafi a takarda, ya tafi kasuwa ya sayo, muka shimfiɗa, ruwa ya ƙi kai yadda na ce. Kwana biyu ina zargin inji, har muka kwance shi. Dattijon da ke gadin gonar ne ya ɗauko guntun fayif da aka yanke ya miƙo mini ya ce, "Injiniya, ka dubi naman wannan abu, ai ya fi na bara kauri." Na sa ma'auni a bakinsa, na ji kunya. Tun daga ranar ba na buga komai sai na auna cikin fayif da hannuna.

Zafin Kebbi fa? Ruwan da ya kwanta a baƙin fayif da rana a watan Afrilu ai kamar na shayi yake.

Yana da tasiri, kuma Darcy-Weisbach ce kaɗai ke ganinsa. Ruwa in ya yi zafi kaurinsa na raguwa, ya fi sauƙin gudu. A fayif ɗinmu na Argungu, ruwan sanyin hunturu mai digiri 20 zai ci mita 7.6, mai digiri 30 ya ci 7.3, mai digiri 40 ya ci 7.0. Hazen-Williams kuwa 7.8 za ta ce maka rani da damina, domin da ruwan ƙasashen sanyi aka gwada ta, kuma yawanci ana iyakance ta tsakanin kimanin digiri 4 zuwa 25.

Abin daɗin shi ne kuskuren nata a nan yana wajen da ba ya cutarwa. Ta ɗan ƙara maka asara, ka sayi inji mai ɗan rarar ƙarfi. Sannan ruwan da ke gudu ba ya samun lokacin yin zafi kamar wanda ya kwana a fayif, da an tada inji na mintoci kaɗan zafin ya sauka. Don haka ban cika damuwa da wannan a gona ba. Inda zan damu shi ne ruwan zafi na gaske, irin na tukunyar turara shinkafa a injin casa. Can kada ma ka fara da Hazen-Williams.

A ina ne Hazen-Williams ke yin ƙarya ba tare da mutum ya sani ba?

Wuri na farko ƙananan fayif. Ka'idar da aka saba ita ce kada a yi amfani da ita ƙasa da milimita 50, wato inci biyu. Ɗauki siririn tiyon ban ruwa na ɗigo, irin wanda masu tumatir da albasa suka fara sawa, cikinsa milimita 14, tsawo mita 50, ruwa na tafiya mita 0.3 a daƙiƙa har ƙarshe. Re ɗinsa wajen 5,000 ce kawai, f ta haura zuwa 0.037, asarar mita 0.61. Hazen-Williams da C 150 za ta ce 0.50. Ta rage kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma wannan karon kuskuren yana wajen da ke cutarwa. Mita 0.11 ba komai ba ce ga injin fetur, amma ga wanda tankinsa ke kan gini mai mita 1 ko 2 yana dogara da gangara kawai, ita ce bambancin layin da ke ɗiga har ƙarshe da wanda shukar ƙarshensa ke ƙishi.

In gudun ya ƙara raguwa har Re ta faɗi ƙasa da 2,000, ruwa ya koma tafiya a natse, layi-layi ba cakuɗuwa. A nan doka ta sauya gaba ɗaya: f ta zama 64 a raba da Re, kaushin bango ya daina tasiri, kuma in ka ninka ruwa sau biyu asarar sau biyu take ninkuwa. Hazen-Williams ba ta san da wannan yanayi ba sam.

Wuri na biyu tsohon fayif ɗin ƙarfe mai tsatsa, kuma wannan ya fi dabara. A fayif mai kaushi sosai, asara tana bin v² cif, wato in ka ninka ruwa sau biyu asarar ta ninka kusan sau 4. Hazen-Williams kullum 1.852 take riƙe da shi, wanda ke ba da sau 3.6. Mu ce fayif ɗinmu mai milimita 75 na ƙarfe ne, tsatsa ta yi masa ƙuraje masu tsawon milimita 1. A lita 4 a daƙiƙa yana cin mita 4.7. Ka auna wannan, ka juya fomula, ka samu C kusan 98, ka rubuta a littafinka. Shekara ta zagayo aka kawo babban inji mai lita 8. Da C ɗinka za ka yi tsammanin mita 17, alhali abin da zai ci ya kusa 19. Fayif bai sauya ba, amma C ɗinsa ta sauka zuwa 94 don kawai gudu ya ƙaru. Wato C ba halin fayif ba ce zalla kamar yadda tebur ke nunawa, hali ne na fayif a wani gudu. Kaushin da Darcy-Weisbach ke amfani da shi kuwa tsawo ne na zahiri da milimita, ba ya motsi don an sauya inji.

Wuri na uku gudu mai yawa, sama da mita 3 a daƙiƙa. Na huɗu duk abin da ba ruwa ba.

Mai gidan mai ne ni a Jega. Zan iya amfani da ita wajen layin gas ko kalanzir?

A'a. Darcy-Weisbach, da kaurin man da kake turawa a zafin da yake. Haka man gyaɗa, haka iskar kwamfresa.

Ruwan gulbi da damina jajir yake da laka. Wannan bai ɓata lissafin ba?

Launi kaɗai ba ya ɓata shi sosai. Ruwan da ya yi ja amma yana zuba kamar ruwa, lissafin ruwa za ka yi masa. Matsalar tana zuwa in gudu ya yi ƙasa, yashi da laka suka kwanta a cikin fayif, musamman inda ya lotsa a kwari. Sun rage D ke nan, mun kuma ga abin da milimita biyar ke yi. Babu fomular da za ta gano maka wannan, sai ka buɗe ka duba. In kuwa abin ya kai kaurin kunu, kamar ruwan yasar rijiya, ya fita daga hannun Hazen-Williams baki ɗaya.

In Darcy-Weisbach ta fi gaskiya, me ya sa ba a watsar da ɗayar ba?

Sabo, da kuma tarin ma'aunan C da hukumomin ruwa suka yi shekaru suna ajiyewa. Injiniyan da ya daɗe a aiki in ka ce masa C 100 ya san irin fayif ɗin da kake nufi, kamar yadda manomi ya san buhu. Ƙa'idojin fayif ɗin kashe gobara ma a wurare da yawa da ita suke aiki. Manhajar EPANET, wadda ake zana hanyoyin ruwan gari da ita, tana ba ka zaɓi: H-W, D-W ko wata fomula ta uku, C-M, wato Chezy-Manning.

A kula a nan, domin na ga ɗalibai da yawa sun faɗa. In ka sauya daga H-W zuwa D-W a manhajar, gurbin Roughness, wato na kaushi, yana nan da lambar da ka sa. 150 ɗin da ke nufin santsi a da, yanzu za a karanta ta a matsayin kaushi na milimita 150, wanda ya ninka faɗin fayif ɗin kansa. Sakamakon zai fito abin dariya, in ka yi sa'a. In ba ka yi sa'a ba ka miƙa shi haka.

Uzurin wahalar lissafi dai ya ƙare. Fomular Swamee-Jain ta 1976 tana ba da f kai tsaye ba maimaitawa. A Excel, in kaushi na A1, faɗin ciki na B1, duka biyun da milimita, Re kuma na C1:

```
=0.25/(LOG10(A1/(3.7*B1)+5.74/C1^0.9))^2
```

A misalinmu za ta ba ka 0.0162, kusa ƙwarai da ta Colebrook. Ta tafiyar hargitsi ce kawai, kada ka sa mata Re ƙasa da wajen 5,000.

Darcy-Weisbach ita ba ta da tarko?

Tana da su. Babba shi ne kaushin tsohon fayif. Na sabo sananne ne: roba 0.0015, ƙarfe mai rufin tutiya 0.15, ƙarfen zubi 0.26, duk da milimita. Amma fayif ɗin da ya shekara 20 a ƙasa ba wanda ya san cikinsa, ƙiyasi kake yi, kuma fomula mai kyau da ƙiyasi mara kyau ba ta fi ɗayar ba.

Na biyu, f iri biyu ce a littattafai. Akwai ta Darcy, akwai ta Fanning da masu injiniyan sinadarai suka fi so, kuma ta Darcy ta ninka ta Fanning sau 4. In littafinka ya ce 16 a raba da Re a tafiyar natsuwa, ta Fanning ce. In ya ce 64, ta Darcy ce. Wanda ya haɗa su zai samu amsa da ta kauce sau huɗu.

Na uku, tsakanin Re 2,000 da 4,000 ruwa ba shi da tabbas, yanzu ya natsu anjima ya hargitse. Nan ko Darcy-Weisbach kintace take yi.

Hazen-Williams ma tana da nata na ma'auni: 10.67 ɗin nan na mita ne da kubik mita a daƙiƙa. Littattafan Amurka masu ƙafa da galan wata lamba suke sawa. Ka zuba lita ko milimita kai tsaye, amsar ba za ta yi kama da komai ba.

Na samu mita 7 da ɗoriya. Injin mai mita 8 zan saya ke nan?

Kada ka soma. Fomulolin biyu miƙaƙƙen fayif kaɗai suke lissafawa. Sai ka ƙara tsawon da ruwa zai hau daga fuskar gulbi zuwa inda zai zuba, mu ce mita 6, kuma ka auna shi da ruwan watan Afrilu lokacin da gulbi ya ja baya, ba na Disamba ba. Sai kuma abin da elbo, bawul da matatar bakin tiyon zuƙa ke ci. Kowannensu yana da lambarsa K da ake ninkawa da v²/2g, wanda a misalinmu mita 0.17 ne. In duka K ɗinka sun taru sun kai 10, mita 1.7 ke nan. Jimla wajen mita 15.

Kuma abin da za ka nema shi ne injin da ke ba da lita 8 a daƙiƙa a mita 15 a lokaci guda. Lambobi biyun da ake bugawa a jikin inji, mafi tsawo da mafi yawan ruwa, ba sa haɗuwa: a mafi tsawo ruwa ba ya fita, mafi yawan ruwa kuma sai ba tsawo. Zanen aikin injin za ka duba a takardarsa.

In sa inci biyu mana in rage kuɗi?

Lita 8 a milimita 50 gudun mita 4 ne a daƙiƙa, asarar ta ninka sau 7, sama da mita 50. Ka ma fita daga iyakar Hazen-Williams, amma ba sai ka damu da wannan ba, domin ƙaramin injin ban ruwa ba zai iya ba. Ruwan ne zai ragu, kuɗin fayif da ka tsira da shi ka biya shi a fetur.

Ta yaya zan tabbatar da lissafina a gona?

Agogon matsi biyu, duro ɗaya, da agogon waya. Ka sa agogo ɗaya kusa da inji, ɗaya kusa da ƙarshe, a kan miƙaƙƙen sashe da ka san tsawonsa. Ka tada inji, ka bari iska ta gama fita ruwa ya daidaita, sannan ka karanta su. Bar ɗaya, wato ma'aunin da ke jikin agogon matsi, daidai yake da mita 10.2 na ruwa, don haka a fayif ɗinmu in ƙasar a shimfiɗe take ya kamata bambancin ya zama kusan 0.7. In akwai tudu tsakanin agogunan, ka cire tsawonsa tukuna. Sannan ka tara ruwa a duro ka ƙirga daƙiƙa, sau uku, ka ɗauki matsakaici.

In duro ya cika a daƙiƙa 25 kuma agogo ya nuna 0.7, lissafinka ya zauna, ko da wace fomula ka yi shi. In ya nuna 1.1, kada ka koma kan takarda. Ka yanki guntun fayif ka auna cikinsa, ka bi layin da ƙafa ka nemi inda tiyo ya lanƙwashe ko amalanke ya take shi, ka duba tudun da iska ke maƙalewa. In kuwa matsi ya faɗi sosai amma ruwan da ke isa duro kaɗan ne, nemi wurin da ƙasa ta jiƙe a hanya, yoyo ne.